Takardu uku kafin shafin ɗalibai ya buɗe: lamarin wata ɗaliba a Tawa

Asalin asusun, Nuwamba 2024

Ɗalibar da ake magana a kanta ƴar wani gari ce a wajajen Keita. Bayan ta samu bakaloriya ta shiga wata makarantar gaba da lise a cikin garin Tawa, sashen sarrafa kuɗi da dukiya. Makarantar tana da shafin ɗalibai a intanet. A nan ake duba maki, a nan ake sabunta rajista kowace shekara, daga nan kuma ake fitar da takardar da za a kai sikolarite a buga mata hatimi. Ana shiga da lambar matirikil da kalmar sirri.

Lokacin buɗe asusun ba ta da babbar waya, ƴar ƙarama ce mai maɓallai a hannunta. Don haka ta tafi wani sibar kusa da makarantar, kamar yadda mafi yawan sababbin ɗalibai ke yi. Yaron sibar ya buɗe mata adireshin Gmail saboda shafin ba ya karɓar rajista sai da imel, ya rubuta mata kalmar sirrin imel ɗin a gefen wani rasit, ya sa lambar ƙaramar wayarta a matsayin lambar ceto. Shi ya cika gurbin matirikil, da maɓallan lissafi na hannun dama na kilabiye. Da aka zo gurbin kalmar sirri sai ya tura mata kilabiyen ya kau da kai. Ta buga wata kalma ta Hausa, ta bi ta da shekarar haihuwarta, ta sake bugawa a gurbi na biyu, shafin ya karɓa. Sharaɗinsa ɗaya ne kawai, kada kalmar ta gaza harafi 8. Da ta koma masauki ta rubuta kalmar a bangon littafinta na ciki.

A shekarar farko sau uku ta shiga shafin: ranar buɗewa, sai a watan Maris don duba makin zango na farko, sai a watan Yuli. Duk a sibar ɗin nan, duk yaron ke buga matirikil ita ta buga kalmar sirri. Bai taɓa ƙi ba.

A cikin hutu abubuwa biyu suka canza. Ƙaramar wayar ta ɓace da pis ɗinta a ciki, kuma da sunan wanta aka yi wa pis ɗin rajista tun asali, shi kuwa ya tafi ci-rani. A watan Agusta aka saya mata babbar waya, ta yanki sabon pis da sunanta.

Farkon matsalar, 23 zuwa 25 ga Satumba 2025

Ranar Litinin 22 ga Satumba sanarwa ta zagaya a zauren WhatsApp na ajinsu cewa an buɗe sabunta rajista, za a rufe ranar Juma'a 17 ga Oktoba. Kashegari, tana gida, ta buɗe shafin a sabuwar wayar, ta ɗauko littafin, ta kwafe kalmar harafi bayan harafi. Amsa ta fito da jan rubutu: « Identifiant ou mot de passe incorrect ». Ta sake. Ta gwada da ƙaramin baƙi a farko, ta gwada duka da manyan baƙaƙe, ta cire shekarar, ta juya ta gaba. Ta ɗauka ƙarancin rezo ne, ta fita bayan gida inda ya fi kamawa ta ci gaba. Kwana uku tana haka.

Abin da ba ta sani ba, shafin yana ƙirga kuskure. A tsarin wannan makaranta, kuskure 5 a jere yana tsayar da asusu na minti 30, kuskure 15 kuma ba tare da shiga ko sau ɗaya a tsakani ba yana rufe shi gaba ɗaya sai ma'aikaci ya buɗe da hannunsa. An yi haka ne don mai neman fasa asusun wani ta hanyar canki-canka ya gaji. Shafin kuma ba ya faɗin cewa ya rufe. Ko lambar ce ba daidai ba, ko kalmar ce, ko asusun ne a kulle, jimla ɗaya yake nunawa, don kada baƙo ya gane wace lamba ce ke da asusu. Asusunta ya rufe ranar Alhamis 25 ga wata da dare, ita kuwa ba ta ga wani bambanci a fuskar wayarta ba.

Ta danna « Mot de passe oublié ? ». Shafin ya ce an aika mahaɗi zuwa imel ɗin da ke kan asusun. Imel ɗin kuwa ba ta taɓa buɗe shi da kanta ba, rasit ɗin da aka rubuta kalmarsa ya daɗe da bin iska, sabuwar wayar ma da wani adireshi dabam mai shago ya saita mata ita. Da ta nemi Gmail ya taimaka mata, sai ya ce zai tura lambobi zuwa wayar da ta ƙare da wasu alƙaluma biyu. Ta gane su: na tsohon pis ne.

Komawa sibar, Asabar 4 ga Oktoba

Da ta dawo Tawa, wurin da ta fara zuwa shi ne sibar. Ta zauna a gaban irin kwamfutar da ta saba, yaron ya buga matirikil, ta buga kalmar yadda hannunta ya saba. Jan rubutun nan ya sake fitowa. Daga nan ta yanke cewa ko dai ta rubuta kalmar ba daidai ba a littafi, ko wani ya shiga ya canza ta. Yaron sibar ya ce na biyun ya fi kama da gaskiya, ya gwada mata wasu kalmomi uku da yake yawan sa wa mutane, ta biya kuɗin rabin awa ta fita.

Takarda ta farko, Litinin 6 ga Oktoba

Ofishin anfarmatik na makarantar ɗaki ɗaya ne, ma'aikata biyu, kuma su ne masu gyaran rezo, da na'urar buga takardu, da kwamfutocin ɗakin karatu. A lokacin rajista ba kasafai ake samun su zaune ba. Ta tarar da ƙofa rufe, sai ta yagi takarda daga littafi ta rubuta da Faransanci, wanda har yanzu da shi ake rubuta wa ofis duk da cewa tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Ma'anar abin da ta rubuta ita ce:

"Ranka ya daɗe, ina mai farin cikin rubuto maka wannan takarda da fatan ta same ka lafiya. Ina roƙon alfarmarka ka taimake ni, shafina ba ya buɗewa tun da daɗewa, ga shi an kusa rufe rajista. Don Allah a gyara mini kalmar sirrina. Na gode, Allah ya saka da alheri."

Ta sa sunanta da na mahaifinta, ta ba masinjan da ke zaune a baranda.

Takardar ta isa. Ma'aikacin ya gan ta ranar Talata, ya buga sunan a gurbin bincike, mutum huɗu suka fito masu wannan suna da wannan sunan uba, biyu daga cikinsu a shekara ɗaya. Wannan ba abin mamaki ba ne a wurin da ake kiran mutum da sunansa da na ubansa, sunayen kuma ba su da yawa, ga shi rubutun boko na suna ɗaya yakan zo iri biyu ko uku tsakanin takardar haihuwa da ta bakaloriya. Babu matirikil a takardar, babu sashe, babu lambar waya da zai kira ya tambaya. Da ya zaɓi ɗaya daga cikin huɗun ya sauya mata kalma, zai iya rufe wa wadda ba ruwanta ƙofa ana tsakiyar rajista. Ya ajiye takardar a cikin tire yana jiran mai ita ta dawo. Ita kuma tana can tana jiran a kira ta.

Takarda ta biyu, Alhamis 9 ga Oktoba

Da kwana uku suka wuce shiru, ta kai kuka wurin wakilin aji, wanda ke da lambar ma'aikacin. Wannan karon ta ƙara bayani. Ta rubuta matirikil, ta rubuta sashe, sannan don a yarda cewa asusun nata ne ta rubuta tsohuwar kalmar sirrin yadda take a littafi. Ta nemi a turo sabuwar ta hannun wakilin. Shi kuma ya ɗauki hoton takardar ya tura ta WhatsApp.

Yanzu ma'aikacin ya san asusun da ake nufi. Abin da bai sani ba shi ne wa ke nema. Lambar matirikil ba asiri ba ce, tana manne a jikin allon sanarwa tare da makin kowa. Saƙon ya zo daga wayar mutum na biyu, yana neman a miƙa mabuɗin asusun mutum na farko ga mutum na biyun. Wakilin yaron kirki ne, amma wanda ke son karɓe asusun wani ma da irin wannan saƙo zai zo, kuma a cikin asusun akwai ranar haihuwa, da hoto, da maki, da damar soke ko canza rajista.

Tsohuwar kalmar da ta rubuta kuwa ba ta yi masa amfanin komai ba. Shafin da aka gina yadda ya kamata ba ya ajiye kalmar sirri a rubuce. Lokacin da aka buga ta, yakan wuce da ita ta wani lissafi ya fitar da dogon jerin haruffa da lambobi, wannan jerin yake ajiyewa. Duk lokacin da aka zo shiga, sai ya maimaita lissafin a kan abin da aka buga ya gwada ko sakamakon ya yi daidai da na ajiye. Lissafin gaba kawai yake tafiya, kamar gero ne da aka daka ya zama gari, ba mai mayar da shi tsaba. Saboda haka ma'aikaci ba ya iya duba kalmar ɗalibi ya faɗa masa, ba ya kuma iya ɗora ta kusa da wadda aka rubuto ya ce sun yi kama. Abin da ke hannunsa shi ne ya buɗe asusu, ko ya share tsohuwar a sa sabuwa. Abin da rubuta kalmar ya jawo kawai shi ne ta kwana a wayoyi biyu waɗanda ba na mai ita ba.

Ya amsa wa wakilin da layi ɗaya: ta zo da kanta, da katin ɗalibi. Wakilin bai isar da saƙon ba sai ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin ofishin ya riga ya tashi.

Takarda ta uku, Litinin 13 ga Oktoba

Ta zo da safe, ƙofa a rufe kuma, ma'aikatan suna wani gini suna jan waya. Saura kwana huɗu. Ta shiga sikolarite don ta tambaya ko za a karɓi rajista ba tare da takardar shafin ba. Wata dattijuwar ma'aikaciya ta ce ba a yi, sannan ta tambaye ta abin da ta rubuta wa mutanen anfarmatik. Da ta ji, sai ta miƙo mata farar takarda.

"Zamna nan, ɗiyata. Mutanen ga ba su da lokacin karatun gaisuwa. Sa musu abin da za su yi aiki da shi ko ba ki nan."

"To, Hajiya, mi zan sa?"

"Wace ce ke, mi kika gani, yaushe, mi kika gwada, mi kike so. Kod ɗin kuwa bar shi cikin kanki."

Ga ma'anar abin da suka rubuta, an cire abin da zai nuna mai ita:

"Tawa, 13 ga Oktoba 2025.
Zuwa ga shugaban ofishin anfarmatik.
Magana: neman sauya kalmar sirri ta shafin ɗalibai da canza imel ɗin da ke kan asusu.

Ranka ya daɗe, ni ce (cikakken suna yadda yake a katin ɗalibi), matirikil (lamba), an haife ni (rana da wuri), sashen sarrafa kuɗi da dukiya, mai shiga shekara ta biyu ta lisansi.

Rabona da shiga shafin tun watan Yuli, a kwamfutar sibar. Tun 23 ga Satumba nake gwadawa a wayata, shafin yana nuna « Identifiant ou mot de passe incorrect ». Na gwada fiye da sau goma sha biyar. Ranar 4 ga Oktoba na gwada a sibar, amsar ɗaya ce. Na danna « Mot de passe oublié ? », amma ba ni da hanyar shiga imel ɗin da ke kan asusun, domin lambar wayar da aka haɗa shi da ita ta ɓace.

Ina roƙon a duba ko asusun ya rufe, a sa sabon imel ɗina (adireshi), a ba ni damar sa sabuwar kalmar sirri. Ranar 9 ga wata na rubuta tsohuwar kalmar a wani saƙo da ya bi ta hannun wani, don haka ba na son ci gaba da ita. Rajista tana rufewa ranar 17 ga wata. Zan zo da kaina gobe da ƙarfe 9 da katin ɗalibi da katin ɗan ƙasa. Lambata ita ce (lamba).

Na gode."

Ta sa hannu, suka liƙa kwafin katin ɗalibi a baya. Hajiyar ta ce ta ɗauki hoton takardar a wayarta kafin ta miƙa, sannan ta ba masinja da kanta ta ce a ɗora a kan kilabiyen mutumin, kada a sa a tire.

A ofis, Talata 14 ga Oktoba

Kafin ta iso ma'aikacin ya riga ya buɗe bayanan asusun, tunda takardar ta ba shi lamba. Ya karɓi katin, ya dubi hoto ya dube ta, ya tambaye ta ranar haihuwa da lisen da ta fito, ya gwada da abin da ke gabansa. Wannan bai kai minti biyu ba.

Rajistar shiga da fita ta asusun ta nuna masa abubuwa uku. Shiga uku da aka yi nasara, duka daga kwamfuta. Kuskure 23, 19 daga waya, 4 na ƙarshe daga kwamfuta ranar 4 ga Oktoba. Sai alamar rufewa mai ɗauke da ranar 25 ga Satumba. Babu inda aka canza kalmar sirri tun ranar da aka buɗe asusun, wato zancen cewa wani ya shiga ya sauya ta ya faɗi. Gwajin sibar ma ya faɗi a matsayin shaida, domin a ranar asusun ya kwana tara a kulle, ko kalmar daidai aka buga ba zai buɗe ba.

Abin da ya rage shi ne layin nan na takardarta: a kwamfuta yana buɗewa, a waya bai taɓa ba. Ya buɗe Bloc-notes, farin shafin rubutu na kwamfuta, ya juyo mata da kilabiye.

"Ƙanwata, kar ki buga kod ɗinki. Buga mini shekarar bana kawai, yadda kike bugawa kullum."

Ta sa yatsa a layin sama ta danna maɓallai huɗu. Abin da ya fito shi ne:

```
éàé(
```

"Mushe, ba shi na buga ba."

"Shi kika buga."

Kwamfutocin da aka fi samu a ofisoshi da sibar na Nijar kilabiyen Faransa gare su, wanda ake kira AZERTY. A jikinsa, maɓallan layin sama kowanne yana ɗauke da abu biyu, lamba a sama, wata alama a ƙasa, kuma ta ƙasan ce ke fitowa idan an danna shi haka kawai. Lamba ba ta fitowa sai an riƙe maɓallin `Maj` ko an kunna `Verr Maj`, ko kuma an yi amfani da maɓallan lissafi na dama `Verr Num` yana kunne. Jerin yana tafiya haka:

```
1 2 3 4 5 6 7 8 9 0
& é " ' ( - è _ ç à
```

A gurbin da ake ganin rubutu, mutum yana lura nan take ya gyara. A gurbin kalmar sirri ɗigo-ɗigo kawai ake gani. Mu ɗauka kalmarta `Damana2004` ce (ba ita ba ce). Abin da ta miƙa wa shafin ranar farko shi ne `Damanaéàà'`, ta maimaita shi a gurbi na biyu da yatsu iri ɗaya, biyun suka dace, shafin ya ajiye. Duk lokacin da ta koma kan kilabiye irin wancan, hannunta yana sake yin abin da ya yi, shafin yana buɗewa. A waya kuwa idan ka danna 2, 2 ce ke fitowa. Wato a wayar ne ta fara buga abin da ke rubuce a littafinta, kuma shafin bai taɓa sanin wannan kalmar ba.

Ya cire kullen, ya ce ta gwada tsohuwar a kwamfutarsa yadda ta saba, ya juya kujerarsa. Shafin ya buɗe. Da wannan aka tabbatar da dalilin, kuma dole a yi gwajin kafin a sauya kalma, domin da zarar an share tsohuwar babu sauran abin da za a gwada da shi.

Sauran aikin a jere ya tafi. Ya cire tsohon imel ya sa wanda ke cikin wayarta, bayan ya ce ta buɗe shi a gabansa don ya ga tana iya shiga. Bai ba ta kalmar wucin gadi ba, ko da yake ofishin yana yin haka ga wanda ba shi da imel kwata-kwata, a ba shi kalma a ƴar takarda wadda shafin zai tilasta masa canzawa a shigar farko. Ya ce ta fita daga asusun ta danna « Mot de passe oublié ? » da kanta. Saƙon bai bayyana a akwatin farko ba, suka same shi a cikin « Spam ». Mahaɗin na amfani sau ɗaya ne kuma yana mutuwa bayan awa ɗaya, idan an nemi wani sabo tsohon ya daina aiki, shi ya sa ya hana ta danna neman sau biyu lokacin da ta ga saƙon ya yi jinkiri. Ta sa sabuwar kalma a wayarta, doguwa, kalmomi uku da lambobi, ba shekarar haihuwa, ba harafi mai alama a ka, ba kuma ƙ, ɗ ko ɓ, waɗanda ba ta da tabbacin samu a kowane kilabiye. Ta shiga da ita a waya. Sannan ya sa ta shiga da ita a kwamfutarsa tana riƙe `Maj` a kan lambobin. Duka biyu suka buɗe. Ya rubuta a bayan takardarta ranar da abin da aka yi, ya sa hannu, ya saka ta a fayil. Zaman gaba ɗaya minti 25 ne.

Sakamako, 14 zuwa 16 ga Oktoba

A ranar ta cika rajistar a wayarta. Laraba ta buga takardar, Alhamis aka sa mata hatimi a sikolarite, saura kwana ɗaya a rufe. Ta roƙi wakilin aji ya goge hoton takarda ta biyu. Tsohon adireshin Gmail bai dawo ba, kuma babu abin da ya rage a kansa da take buƙata. Daga gwajin farko zuwa buɗewa kwana 21 ne.

Abin da lamarin ya nuna

Takardu biyun farko sauya kalmar sirri kaɗai suka nema, kuma da an biya musu buƙata yadda suka faɗa, da matsalar ba ta ƙare ba. Matsaloli uku ne a kan juna: kalmar da ba ta san ainihin siffarta ba, asusun da ya rufe, da imel ɗin da ba ta iya buɗewa. A shafuka da yawa sauya kalma dabam, cire kulle dabam, ma'aikacin da aka ce masa ya yi na farko kawai yana iya barin na biyu. Imel ɗin kuma da ya zauna yadda yake, ranar da ta sake makalewa sai ta sake dawowa bakin ƙofar nan.

A ganina layi mafi amfani a takarda ta uku shi ne wanda ɗalibi zai fi saurin tsallakewa, wato inda ta faɗi na'urar da ta shiga da ita ta ƙarshe da na'urar da ta ƙi. Matirikil ya kai ma'aikacin ga asusun, katin da zuwanta da kanta suka ba shi hujjar taɓa shi, amma wannan layin ne ya kai shi ga dalili. Ba ta san yana da muhimmanci ba lokacin da take rubuta shi. Ta dai faɗi abin da ya faru da ranakunsa, ta kwafe saƙon shafin yadda yake ba tare da ta fassara shi da "ba ya buɗewa" ba, ta kuma faɗi yawan gwajin da ta yi ba ta ɓoye ba.

Ƙin da aka yi wa takarda ta biyu daidai ne, ko da ya ci mata kwanaki. Ta farko kuwa ba laifin ɗalibar kaɗai ba ne. Babu sanarwa a ƙofar ofishin da ke faɗin abin da za a rubuta ko awannin da ake samun mutum, kuma rabin shafi da aka buga da gurabe shida zai hana irin wannan takarda zuwa. Shafin ma yana da nasa kaso. Da yana neman lamba aƙalla ɗaya a cikin kalmar sirri, da ya ƙi karɓar tata tun ranar farko a sibar, tunda babu lamba ko ɗaya a abin da ta buga. Da akwai ƴar alamar ido da ake dannawa a ga abin da aka rubuta, da ta gani da kanta. Ɓoye cewa asusu ya rufe yana da hujjarsa, sai dai ana iya tura wa mai asusun saƙo ta waya a gaya masa, abin da a nan ma da bai isa gare ta ba, saboda lambar da ke kan asusun ta tsohon pis ce, kuma babu wanda ya taɓa ce wa ɗalibai su sabunta ta.

Akwai iyakar da wannan hanya ba ta tsallake ba. An warware lamarin ne saboda ta iya zuwa da ƙafarta. Ɗalibin da irin wannan ta same shi yana Abalak ko Ƙonni, ko yana wurin horon aiki a Yamai, takardarsa ko ta fi wannan tsari ba za ta tabbatar da cewa shi ne ba. Ofishin ba shi da wata ƙa'ida rubutacciya a kan haka. Ɗaya daga cikin ma'aikatan yakan yarda da kiran bidiyo, ɗalibi ya ɗaga katinsa kusa da fuskarsa ya amsa tambayoyi daga fayil ɗinsa, ɗayan kuma ba ya yarda, sai an zo.